Akawu yana buɗe fayil amma ba ya iya adanawa: ƙofa biyu ce a kan foldar da aka raba

"Assalamu alaikum Malam. Ni nake kula da kwamfutocin shagon kawuna a Kantin Kwari. Akwai folda mai suna Lissafi a kwamfutar ofis, na raba ta ga sauran kwamfutoci uku. Na ba akawunmu Full control a shafin Security, amma daga teburinsa buɗe fayil kawai yake iya yi, ba ya iya adana gyara. In ya zo ya zauna a kwamfutar ofis ɗin, komai yana yi. Ina kuskurena?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ka yi a shafin Security daidai ne, kuma yana aiki, shi ya sa komai ke tafiya in akawun ya zauna a kwamfutar ofis. Inda nake zargi shi ne shafin da ke kusa da shi, wato Sharing. Ka danna foldar da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Sharing, sai Advanced Sharing, sai Permissions. Ina kyautata zaton za ka tarar da Everyone shi kaɗai, an yi masa alama a kan Read kawai. Ba kai ka sa shi ba. Haka Windows yake sakawa da kansa duk lokacin da aka raba folda ta wannan hanya, tun zamanin Windows Server 2003. Kafin nan, a Windows 2000, Full Control yake ba kowa, sai aka ga ɓarnar ta yi yawa aka tsuke.

Amma kada ka yi saurin zuwa ka canza shi yanzu. Akwai abin da ya kamata ka fara gyarawa, in ba haka ba za ka buɗe wa akawu hanya, ka buɗe wa kowa tare da shi. Bari mu bi a hankali.

Maigadin gida da kwaɗon shago

Kai ɗan Kwari ne, ka san yadda gidajen kasuwar suke. Akwai babbar ƙofar gida inda maigadi yake, sannan kowane shago a ciki da nasa kwaɗon. A ce maigidan ya gaya wa maigadi cewa wane in ya zo a bar shi ya shiga ya duba kaya, amma kada ya shigo da dila, kada ya fita da ko yadi ɗaya. To ko da wanen nan yana riƙe da makullin shagon a aljihunsa, maigadi ba zai bar shi ya motsa kaya ba. Haka kuma in maigadi ya sake masa gaba ɗaya amma ba shi da makulli, a baranda zai tsaya. Wanda kuma ya riga yana cikin gidan, ba ruwansa da maigadi, kwaɗo ne kaɗai a gabansa.

Izinin Sharing shi ne maigadin. Ba ya tambayar kowa sai wanda ya zo ta netwok, wato wanda ya rubuta `\\OFIS-PC\Lissafi` daga wata kwamfutar. Mataki uku kawai yake da shi: Read, Change da Full Control. Izinin Security kuwa shi ne kwaɗon. Na tsarin ajiyar faifan ne, wanda ake kira NTFS, wanda ya zo da Windows NT 3.1 a 1993. A jikin kowace folda da kowane fayil yake manne, kuma yana aiki a kan kowa, ko ta netwok ka zo ko a gaban kwamfutar kake zaune. Matakansa su ne Full control, Modify, Read & execute, List folder contents, Read da Write.

Wurin ajiyarsu ma daban ne. Na Sharing yana cikin rajistar Windows na kwamfutar da ta raba foldar, na Security yana kan faifan. Shi ya sa in ka cire faifan ka kai shi wata kwamfuta, izinin Security zai bi shi, na Sharing kuwa zai tsaya a gida.

Dalilin da mai tsanani yake rinjaye

Mutane da yawa suna ɗauka cewa Windows yana ɗora izinin biyu a sikeli ne, ya auna, ya zaɓi mai tsanani. Ba haka abin yake ba, kuma gane wannan shi ne zai sa ka daina lalube. Bincike biyu ne a jere, kowanne bai san da ɗan'uwansa ba. Lokacin da akawu ya danna Save, kwamfutarsa tana aika buƙata cewa tana son buɗe fayil kaza don rubutu. Sashen da ke kula da rabon fayil a kwamfutar ofis zai duba ko izinin Sharing ya yarda wannan mutum ya yi rubutu ta wannan ƙofa. Sannan NTFS ya duba ko shi ma ya yarda wannan mutum ya yi rubutu a wannan fayil. Sai duka biyun sun amince aiki zai yiwu. In ɗaya ya ƙi, magana ta ƙare, komai yawan abin da ɗayan ya bayar. A wajenka maigadi ya ce karatu kawai, saboda haka Full control ɗin da ka bayar yana nan a kan kwaɗo amma ba a isa gare shi da buƙatar rubutu ba.

Don haka abin da mutum yake samu shi ne abin da ɓangarorin biyu suka haɗu a kansa. Yawanci wannan yana zuwa daidai da cewa mai tsanani ya rinjaya, amma ba kullum ba. A ce a Security ka ba mutum Write kawai ba tare da Read ba, irin foldar da ake jefa takardu a ciki ba a ganin na wasu, a Sharing kuma yana da Read. Wanne ne mai tsanani? Babu. Ɗaya ya yarda da rubutu ya hana karatu, ɗaya ya yarda da karatu ya hana rubutu. Mutumin nan ta netwok ba zai karanta ba, ba zai rubuta ba, hannu rabbana zai tashi.

Abin da ke ƙara rikita mutane shi ne a cikin kowane ɓangare ɗaya, lissafin akasin haka yake: tarawa ake yi. In akawu yana cikin rukuni biyu, ɗaya an ba shi Read a Security, ɗaya an ba shi Modify, to Modify yake da shi, mai yawan ne nasa. Haka ma a Sharing. Saboda haka in za ka yi lissafin, ka fara tara duk abin da mutum ya samu a Sharing ta sunansa da ta rukunoninsa, ka ajiye. Ka tara na Security, ka ajiye. Sai a ƙarshe ka ɗauki abin da ya fito a duka biyun.

Ka gani da idonka kafin ka taɓa komai

A kwamfutar ofis, ka buɗe Command Prompt ta Run as administrator. Na ɗauka foldar tana kan faifan D, ka gyara in ba haka ba ne.

```
net share Lissafi
icacls D:\Lissafi
```

Na farko zai nuna maka maigadi. A layin Permission kana iya ganin `Everyone, READ`. Na biyu zai nuna kwaɗo, kuma za ka ga layi irin `OFIS-PC\akawu:(OI)(CI)(F)`. Harafin F shi ne Full control, M shi ne Modify, RX shi ne Read & execute. Su OI da CI suna nufin izinin zai gangara zuwa fayiloli da ƙananan foldojin da ke ciki. Inda ka ga (I) kuwa, gado ne: ba a kan wannan foldar aka sa shi ba, daga ta sama ya gangaro.

To ka tsaya a kan layukan gadon nan ka karanta su da kyau, domin nan ne abin da na ce ka dakata saboda shi. A Windows 10 da 11, faifan da aka tsara a kwamfutar yakan zo da Authenticated Users suna da Modify tun daga tushensa, Users kuma suna da Read & execute, kuma duk foldar da ka ƙirƙira tana gadon wannan. Authenticated Users yana nufin duk wanda ya shigo da asusu da kalmar sirri. Ke nan kashiyarku da yaron da ke buga rasit, duk suna da ikon gyara da gogewa a kan kwaɗo, ba su sani ba, kai ma ba ka sani ba. Read ɗin nan na maigadi da ke ba ka haushi, shi ne kaɗai ya tare su duk wannan lokacin. Ranar da ka mayar da shi Change ba tare da ka gyara Security ba, kowa zai iya goge littafin bashin Alhaji daga teburinsa.

Yadda zan tsara shagon in ni ne

A ce mutum uku ne ke shiga: manaja da akawu suna rubutu, kashiya tana dubawa kawai. A ciki kuma akwai ƙaramar folda, Albashi, wadda bai kamata kashiya ta buɗe ba. Tun daga nan za ka ga maigadi ba zai iya wannan aikin ba. Izinin Sharing ɗaya ne ga duk abin da ke bayan ƙofar, ba ya bambance Albashi da sauran. Security ne kaɗai ke iya cewa wannan folda e, waccan a'a. Shi ya sa masu wannan aiki suka saba da sassauta Sharing, su yi duk tsanantawar a Security, domin in matsala ta taso wuri ɗaya za a duba.

Ka fara da rukuni, kada ka riƙa ba mutane izini da sunansu ɗaya-ɗaya. Gobe in akawu ya bar aiki, cire shi daga rukuni kawai za ka yi, ba sai ka bi folda-folda ba.

```
net localgroup MasuGyara /add
net localgroup MasuGyara manaja akawu /add
net localgroup MasuDuba /add
net localgroup MasuDuba kashiya /add
```

Sai ka yanke gadon, ka cire waɗanda bai kamata ba, ka sa naka.

```
icacls D:\Lissafi /inheritance:d
icacls D:\Lissafi /remove:g "Authenticated Users" Users akawu
icacls D:\Lissafi /grant "MasuGyara:(OI)(CI)M" "MasuDuba:(OI)(CI)RX"
```

Layin farko yana mayar da izinin gado ya zama na foldar kanta, don a iya cire shi. Ka bar Administrators da SYSTEM yadda suke, kada ka taɓa su, in ba haka ba kai kanka da manhajar da ke ɗaukar kwafin ajiya za ku iya rasa hanya. Ka lura na cire Full control ɗin akawu na mayar da shi Modify ta hanyar rukuni. Bambancin su biyun shi ne Full control yana ba mutum ikon canza izini da ƙwace mallakar fayil, akawu kuwa ba ya buƙatar wannan don ya rubuta cinikin yau.

Kada kuma ka ce bari ka rage masa zuwa Read da Write kawai, wai don kada ya goge wani abu. Na ga masu yin haka da kyakkyawar niyya, sai abin ya dame su. Excel da Word in za su adana, sukan rubuta sabon fayil na wucin gadi a cikin foldar, su kawar da tsohon, su sa wa sabon sunansa. Wannan yana buƙatar ikon gogewa, wanda yake cikin Modify. In babu shi, sai ka ga adanawa tana ƙi, ko foldar ta cika da tarkacen fayiloli masu baƙin sunaye.

Albashi kuma haka za ka yi mata: ka yanke gadonta, ka cire MasuDuba.

```
icacls D:\Lissafi\Albashi /inheritance:d
icacls D:\Lissafi\Albashi /remove:g MasuDuba
```

Sai yanzu za ka koma wurin maigadi. A Permissions na Advanced Sharing, ka cire Everyone, ka sa Authenticated Users, ka yi masa alama a Change. Na fi son Authenticated Users saboda Everyone yana haɗawa da asusun Guest in an kunna shi. Na kuma fi son Change a kan Full Control, duk da akwai ƙwararru da yawa da ke sa Full Control kuma aikinsu yana tafiya. Dalilina shi ne duk wanda ya ƙirƙiri fayil shi ne mai shi, kuma mai fayil yana iya canza izinin fayil ɗinsa. In Sharing ya tsaya a Change, wannan ikon ba ya wucewa ta netwok, tsarin da ka yi zai zauna yadda ka bar shi.

Yanzu mu yi lissafin. Akawu yana da Change a ƙofa, Modify a kwaɗo: zai buɗe, ya gyara, ya adana, ya goge. Kashiya ita ma Change take da shi a ƙofa, amma Read & execute a kwaɗo: dubawa kawai. Ka ga a nan Security ne ya zama mai tsananin, ba Sharing ba. A Albashi kuwa ba ta da komai a kwaɗo, za ta ga sunan foldar amma in ta danna za a ce mata ba ta da izini.

Ka lura ban yi amfani da Deny ko sau ɗaya ba. Rashin bayarwa ya isa hani. Deny yana danne Allow a mafi yawan lokuta, kuma yana kama duk wanda ke cikin rukunin ko da wani rukunin ya ba shi. Farkon fara aikina, a wani ofis, na sa wa Users alamar Deny a kan foldar albashi don in hana ƙananan ma'aikata. Ban tuna cewa shi mai biyan albashin ma yana cikin Users ba. Ƙarshen wata ne, mutane suna tsaye a ƙofarsa, shi kuma ya kasa buɗe takardar da shi ya rubuta ta. Tun ranar ban ƙara sa Deny a kan babban rukuni ba.

In ka gyara kuma bai yi ba

Abu na farko da za ka tambaya shi ne: da sunan wa kwamfutar akawu take shiga? A shago irin naku, inda babu babbar sabar da ke riƙe asusun kowa, asusun da ke kan kwamfutar ofis shi ake dubawa, ba sunan da ya shiga tasa kwamfutar da shi ba. Sau da yawa nakan tarar an taɓa shiga da asusun wani, an danna Remember my credentials, shi ke nan kwamfutar ta riƙe. Yayin da akawu ya buɗe foldar, ka rubuta `net session` a kwamfutar ofis, za ka ga sunan da ya shigo da shi. In na kashiya ne, ka je kwamfutarsa ka goge shi a Credential Manager, ƙarƙashin Windows Credentials.

Na biyu, shiga sabon rukuni ba ya kama mutumin da ya riga ya haɗu. Ana ƙidaya rukunonin mutum ne lokacin da ya shigo, kuma da wannan ƙidayar ake aiki har ya fita. Ka sa shi ya rufe fayilolinsa, ya rubuta `net use * /delete` a kwamfutarsa, ko ya kashe ta ya kunna, sannan ya sake shiga.

Na uku, ba duk Read-Only da ka gani a saman Excel ba ne matsalar izini. In manaja ya riga ya buɗe wannan fayil ɗin, wanda ya zo na biyu karatu kawai zai samu. Gwajin da ke raba gardama shi ne akawu ya ƙirƙiri sabon fayil a cikin foldar daga teburinsa, ya canza masa suna, ya goge shi. In ukun nan sun yiwu, izini lafiya yake, ka nemi matsalar a jikin fayil ɗin. Kuma kada ka yi gwajin ta Remote Desktop, domin wanda ya shiga ta nan kamar wanda ya zauna a gaban kwamfutar ne, in ya buɗe `D:\Lissafi` bai bi ta wurin maigadi ba.

Akwai kuma shafin Effective Access, a cikin Security, sai Advanced. Ka zaɓi sunan mutum, zai jero maka abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, kuma a layin Access limited by yana faɗin ko Share ne ya hana ko File Permissions. Don ya haɗa da lissafin Sharing, ka buɗe foldar ta `\\OFIS-PC\Lissafi`, ba ta `D:\Lissafi` ba.

Tunda ban ga kwamfutar taka ba, ka duba abu ɗaya da zai iya sauya duk maganar nan ga wata foldar. In ka raba wani abu daga filasha ko faifan waje mai tsarin FAT32 ko exFAT, ba za ka ga shafin Security ba sam, domin waɗannan ba su da kwaɗo. A nan maigadi ne kaɗai, kuma shawarar sassauta Sharing ba ta aiki, dole a can za ka tsananta. Taka Lissafi tana kan NTFS tunda ka ga shafin.

Sannan ka gaya wa Kawu gaskiya game da iyakar wannan tsari. Duk wanda ke cikin rukunin Administrators a kwamfutar ofis yana iya ƙwace mallakar Albashi ya ba kansa izini. In kuma kowa a shagon yana zama a kujerar ofis ya yi aiki da asusu ɗaya da aka bari a buɗe, to Windows mutum ɗaya yake gani, duk rukunonin nan ba su da amfani. Kowa ya samu asusunsa da kalmar sirrinsa, manaja da akawu da kashiya kada ɗayansu ya zama Administrator, mai tashi daga kujerar kuma ya danna maɓallin Windows tare da L.

Kafin ku ci gaba da aiki, ka leƙa Desktop na akawu. Duk kwanakin nan da ya kasa adanawa, da wuya in bai riƙa yin Save As yana ajiye kwafi a tasa kwamfutar ba, don ciniki ba ya jira. Za ka iya tarar da littafin bashi iri uku ko huɗu, kowanne da ranarsa. Ku zauna tare da shi ku tantance wanda ya fi cika, ku mayar da shi cikin Lissafi ta Copy da Paste, zai ɗauki izinin foldar da ya sauka a ciki. Sauran kwafin ku tattara su a folda ɗaya, ku ajiye har sai an rufe lissafin watan.